Na karanta masa lambar da banki ya turo, amma kuɗina na nan

Assalamu alaikum Malam. Jiya da la'asar wani ya kira ni, kuma lambar da ta fito a wayata ta bankina ce, irin wadda ke bayan katina sak. Ya ambaci cikakken sunana da lambobi huɗu na ƙarshen katin, ya ce shi jami'in sashen tsaro ne, wai wani na ƙoƙarin kwashe mini kuɗi yanzu-yanzu. Ya ce za a turo mini lambobi shida in karanta masa don ya dakatar da abin. Saƙon ya shigo cikin jerin saƙonnin da banki ya saba turo mini, sai na karanta masa. Ya ce kada in buɗe manhajar bankin har sai ya sake kirana bayan awa 24. Na duba kuɗina ta wata hanya, ko sisi bai fita ba. Maigidana ya ce damfara ce. Ni kuma na ce ɗan damfara ba zai kira da lambar banki ba, kuma da ɓarawo ne ai da tuni ya kwashe. Wa ke da gaskiya a cikinmu? In ɗauka idan ya sake kira?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Maigidanki ne da gaskiya, kuma abin na gaggawa ne. Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, ki ɗauko katinki, ki juya bayansa, ki danna lambar bankin da hannunki ɗaya bayan ɗaya, ki ce musu a rufe katin da manhajar da duk wata hanyar taɓa asusun ta waya ko intanet. Kada ki tsaya jiran wayewar gari ko a buɗe ofis, yawancin bankuna suna da layin da ke karɓar irin wannan kira dare da rana. Idan kin gama sai ki dawo mu yi magana a tsanake.

Bari in fara da hujjarki ta biyu, don ita ce ta fi ba ni tsoro. Kuɗin da ba su motsa ba ba shaidar tsira ba ne. Lambar nan da banki ke turowa, wadda saƙon kan kira OTP, ba don fitar da kuɗi kaɗai ake turo ta ba. Ana turo ta duk lokacin da aka nemi yin wani abu mai nauyi a asusu kuma na'urar banki tana son tabbatar da cewa mai asusun ne ya nema. Biyan kuɗi da kati a intanet ɗaya ne daga ciki. Akwai kuma ɗora manhajar banki a kan sabuwar waya, da sauya kalmar sirri, da ƙara sunan sabon wanda za a riƙa tura wa kuɗi, da ɗaga iyakar abin da za a iya fitarwa a rana, da sanya katinki cikin jakar biyan kuɗi ta waya irin su Google Pay ko Apple Pay. A duk waɗannan na baya, ko kwabo ba ya fita a lokacin da aka shigar da lambar. Hanya kawai aka buɗe. Da lambarki ta sayayya ce, da wataƙila kin ga alat tun wayar na kunnenki. Tunda ba ki gani ba, kuma ya hana ki buɗe manhajar, zatona mafi ƙarfi shi ne ya ɗora asusunki a kan wayarsa.

Ga yadda abin yake tafiya daga ɓangarensa, don ki ga inda kowace magana tasa ta dosa. Kafin ya kira ki, yana zaune da waya biyu ko waya da kwamfuta. A ɗaya ya riga ya sauke manhajar bankinki, ya cike lambar asusunki ko ta katinki, ya kai daidai shafin da ake tambayar lambar tabbatarwa, amma bai danna wurin turawa ba tukuna. Da ɗayar ya kira ki. Ya tayar miki da hankali, ya bari sai da muryarki ta fara rawa, sannan ya ce "yanzu za a turo miki saƙo", kuma a daidai wannan lokacin ya danna. Na'urar banki ba ta san wanda ke riƙe da waya ba. Ta ga an nemi ɗora asusu a sabuwar waya, ta yi abin da aka tsara mata, wato ta tura lamba zuwa layin mai asusun. Shi ya sa saƙon ya shigo cikin jerin saƙonninsu na gaskiya: na gaskiyar ne. Bankin ne ya turo, ɓarawon ne ya sa aka turo. Kina karanta masa yana shigarwa, lamba ta shida na fita daga bakinki shi kuma shafin na buɗe masa.

Me ya sa sai ya roƙe ki? Saboda ba shi da wata dabara. Lambobi shida suna iya zama komai daga 000000 zuwa 999999, wato miliyan ɗaya, kuma banki kan rufe ƙofa bayan an yi kuskure sau kaɗan. Cinta ba za ta yi masa ba. Ga shi kuma lambar ba ta daɗewa, ta saƙon tes 'yan mintuna ce ta mutu, wadda ƙaramar na'urar banki ko manhajar tabbatarwa ke nunawa ma kan sauya duk bayan daƙiƙa 30 ko 60. Gaggawar da ya riƙa nuna miki ta gaske ce, sai dai ba kuɗinki yake tsoron su salwanta ba, lambar yake tsoron ta mutu kafin ta iso hannunsa.

To me ya hana shi kwashewa nan take? Bankuna da yawa sun san wannan wasa, don haka idan aka ɗora asusu a sabuwar waya ko aka ƙara sabon mai karɓa, sukan rage abin da za a iya fitarwa ko su hana gaba ɗaya na wasu awanni, galibi zuwa kwana guda. An yi wannan jinkiri ne don mai asusu ya samu damar farga. Shi kuma ya san da jinkirin, shi ya sa ya yanka miki awa 24 na zama shiru. Akwai dalili na biyu. A manhajoji da yawa, idan aka ɗora asusu a sabuwar waya sai tsohuwar ta fita da kanta, ko ta nuna gargaɗi. Da kin buɗe taki, wataƙila da kin tarar tana tambayarki ki sake rajista, da kuwa kin gane akwai lauje cikin naɗi. Umarnin nan na kada ki buɗe manhaja shi kaɗai ya isa ya tona shi. Ma'aikacin banki na gaske murna yake yi idan kina duba asusunki, ba ya hana ki.

Ba sai kin dogara da zatona ba, amsar tana cikin wayarki. Ki koma kan saƙon, wannan karon ki karanta shi tun daga kalmar farko har ta ƙarshe. Mutane da yawa ba su taɓa karanta irin saƙon nan duka ba, ido kan faɗa kan lambobin ne kawai, wayoyin zamani ma har fito da su suke yi daban su ce a kwafa. Amma yawancin bankuna sukan rubuta abin da lambar za ta yi. Idan saƙon da Turanci yake, ki duba ko akwai `new device` ko `activate` ko `register`, waɗannan na ɗora asusu a wata waya ne. `Reset` na sauya kalmar sirri ne ko PIN. `Beneficiary` ko `payee` na ƙara mai karɓar kuɗi ne, `wallet` kuma na sanya kati cikin jakar waya. Idan kin ga adadin kuɗi da sunan wani kanti, to sayayya aka yi ƙoƙarin yi, wataƙila ta faɗi ne ko kuma tana rataye ba ta fito ba tukuna. Abin da ba za ki gani ba shi ne lamba ta soke ciniki. Babu irinta. Lambar nan amincewa take bayarwa, kamar a miƙo miki takarda an naɗe samanta a ce sa hannu a nan ƙasa. Idan banki na son tsayar da ciniki ko rufe kati, ma'aikaci daga kujerarsa yake yi, ba ya buƙatar komai daga wayarki. Kuma kusan tabbas a ƙarshen saƙon an rubuta kada a faɗa wa kowa lambar, har da ma'aikatan banki. Gwanayen cikinsu sukan riga mutum, su ce "za ki ga an rubuta kada ki faɗa wa kowa, wannan don mutanen waje ne". Ba haka ba ne. Don irinsa aka rubuta.

Yanzu hujjarki ta farko, lambar da ta fito a waya. Na fahimci dalilin da ya sa ta kama ki, domin mun saba ɗaukar abin da waya ta nuna a matsayin shaida. Amma lambar mai kira da kike gani bayani ne da ɓangaren mai kiran ke aikowa tare da kiran, kuma a hanyoyin sadarwa da yawa ba wanda ke tantance ta kafin ta iso gare ki. Mai kira ta intanet yana iya rubuta lambar da ya ga dama a wurin. Idan kin adana lambar bankin a wayarki, wayar za ta ma ɗora sunan bankin a kai, don ita dai ta ga lambobi sun yi daidai. Sai dai wannan yaudara ta shigowa ce kawai. Yana iya sa kiransa ya yi kama da na banki, amma ba zai iya sa kiran da kika buga wa banki ya faɗa hannunsa ta wannan dabara ba. Dalilin da ya sa na ce ki danna lambar da kanki ke nan. Haka sunan mai aiko saƙon tes, shi ma ana iya ƙirƙirarsa, har saƙon bogi ya shiga jerin na gaskiya, saboda waya da suna take haɗa saƙonni wuri ɗaya. Don haka idan kin ga wani saƙo a jerin mai ɗauke da mahaɗin intanet ko wata lambar waya da aka ce ki kira, ki bar shi inda yake.

Sunanki da lambobi huɗun ƙarshen kati ma ba abin mamaki ba ne. Lambobi huɗun nan suna kan rasit na sayayya, suna cikin saƙonnin alat, suna wurin duk shagon intanet da kika taɓa biya. Lambobi shida zuwa takwas na farkon kati kuma ba sirri ba ne sam, su ne ke nuna bankin da ya bayar da shi, don haka wanda ya ga lambar kati ya san bankin da zai yi ƙarya da sunansa. Bayanan mutane suna zuba daga kamfanonin da aka yi wa kutse, ana sayar da su jeri-jeri, suna da lambar waya da sauransu. Abin da ya sani game da ke shi ne abin da ake iya saye. Abin da ba a iya saye shi ya kira ya tambaye ki.

A nan akwai tambayar da nake so ki zauna ki yi wa kanki ba tare da jin kunya ba. Ɗora asusu a sabuwar waya sau da yawa yana buƙatar fiye da lambar tes, a kan nemi kalmar sirri ko PIN na kati ko cikakkiyar lambar katin da ranar ƙarewarsa. To daga ina ya samu? Ki tuna hirar daki-daki. Ya ce ki "tabbatar" masa da lambobi 16 na gaban katin, ko ukun da ke baya? Ya ce ki danna PIN ɗinki a kan waya, wai na'ura ce ke ji ba shi ba? Sautin dannawar ana iya mayar da shi lambobi cikin sauƙi. A kwanakin da suka gabata kin shiga wani mahaɗi da ya zo ta saƙo, wai na sabunta bayanai ko na kuɗin isar da kaya, kin cike wani abu? Sau da yawa kiran shi ne mataki na biyu, na farkon shafin bogi ne da mutum ya cike mako guda baya ya manta. Duk abin da kika tuna, ki faɗa wa banki yadda yake.

Idan kin samu bankin a waya ko kin je ofishinsu, kada ki ce "ina ganin kamar akwai matsala a asusuna". Da wannan za su duba, su ga kuɗi na nan, su ce miki lafiya lau. Ki ce musu kai tsaye: wani ya kira ni da sunanku a rana kaza da ƙarfe kaza, na ba shi lambar tabbatarwa, ga abin da saƙon ya ce. Rufe kati kaɗai bai wadatar ba, kuma nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Idan manhajar na kan wayarsa, kati ko babu kati zai tura kuɗi. Don haka ki nemi su duba wayoyin da ke ɗaure da asusun, su cire duk wadda ba taki ba. Su karanto miki lambar waya da adireshin imel da ke kan asusun yanzu, domin idan ya sauya su zuwa nasa, lambobin gaba wurinsa za su riƙa zuwa, ke kuma ko alat ba za ki ƙara gani ba. Su duba ko an ƙara sabon mai karɓa, ko an ɗaga iyaka, ko an sanya katin a wata jakar waya. Ki tambaya musamman ko an nemi rance, saboda manhajoji da yawa suna bayar da bashi nan take, kuma ɓarawo kan ci bashi da sunan mutum ya haɗa da abin da ke ciki ya tafi da su. Mai asusun da ba komai a ciki ma yana iya wayar gari da bashi a wuyansa. Kafin ki ajiye waya, ki karɓi lambar ƙorafin da suka buɗe miki, ki rubuta ta tare da lokacin da kika kira. Idan wani abu ya fita bayan wannan lokacin, rubutun nan shi ne hujjarki cewa kin sanar.

Bayan banki sai wayarki. Ki sauya kalmar sirrin manhajar da PIN, sannan ta imel ɗinki, musamman in kalma ɗaya kike amfani da ita ko'ina. Idan a cikin hirar ya sa kin sauke wata manhaja wai don ya taimaka miki, irin su AnyDesk ko TeamViewer, ki kashe data ki goge ta kafin ki shigar da kowace sabuwar kalmar sirri. Manhajojin halal ne da masu gyaran kwamfuta ke aiki da su, amma suna nuna wa wanda ke can nesa fuskar wayarki, yana kallon duk saƙon da ya shigo. Idan kuma ya sa kin danna wasu lambobi masu tauraro, wataƙila ya karkatar da kiranki zuwa layinsa ne, ta yadda idan banki ya kira don tabbatarwa shi zai ɗauka. A yawancin layuka za ki iya dubawa da na farkon nan, ki soke duk wata karkatarwa da na biyun:

```
*#21#
##002#
```

Na biyun zai iya kashe har da tura kira zuwa akwatin saƙon murya, wannan ba wani abu ba ne, ana mayarwa. Ki kuma sa ido kan layinki a kwanakin nan. Idan sabis ya ɗauke gaba ɗaya alhali na mutanen da ke kusa da ke masu kamfani ɗaya yana nan, kuma kashe waya da kunnawa bai dawo da shi ba, kada ki ɗauka matsalar netwok ce. Yana iya yiwuwa an fitar da sabon sim da lambarki. Ki kira kamfanin layin da bankin ta wata wayar nan take.

Saƙon da tarihin kiran kuwa, kada ki goge ko ɗaya. Ki ɗauki hotonsu ki ajiye.

Idan kin je kin tarar kuɗi sun riga sun fita, ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba. Kuɗin sata ba sa kwana a asusun farko. Sukan faɗa asusun wani da aka ara ko aka saya, daga nan a rarraba su zuwa wasu, a cire. Bankinki zai iya tuntuɓar bankin da suka faɗa ya nemi a riƙe su, kuma wannan yakan yi aiki idan suna nan, shi ya sa awa ɗaya ta farko ta fi mako guda na zirga-zirga daga baya. Ko banki zai biya ki daga aljihunsa, wannan ya danganta da dokar ƙasar da kike da sharuɗɗan asusunki. Sau da yawa za su fara da cewa an shigar da lamba daidai, don haka ke kika amince. Kada wannan ya sa ki ɓoye cewa kin bayar da lambar. Na'urarsu ta riga ta rubuta lokacin da aka tura ta da lokacin da aka shigar da ita da irin wayar da aka yi amfani da ita, ƙarya za ta rushe miki ƙorafin ne kawai. Gaskiyar ma tana da ƙarfinta: ba ke kika tura kuɗin ba, daga wayar da ba taki ba aka tura, bayan an yaudare ki da lambar bankin. Ki rubuta ƙorafin a takarda ko imel, ki kai rahoto ga 'yan sanda, idan amsar bankin ba ta gamsar da ke ba ki ɗaukaka zuwa hukumar da ke sa ido kan bankuna ko mai sauraron koken masu hulɗa da su a ƙasarku.

Game da kiran da ya yi alkawari, kada ki ɗauka. Na san akwai sha'awar a ɗauka a zazzage masa, ko a ja shi da hira don a kama shi. Ba riba a ciki. Wannan sana'arsa ce, yana yin ta daga safe zuwa dare, kuma yana da amsar kowace tuhuma. Idan ya ga an rufe masa manhaja, zai sauya salo. Wanda aka fi yi shi ne ya ce ɓarayin a cikin bankin suke, don haka kada ki yarda da ma'aikatan reshe, ki tura kuɗinki da hannunki zuwa wani "amintaccen asusu" da aka buɗe miki. Wannan ya fi na farko muni, domin a nan ke ce za ki tura da yatsanki, dawo da su kuma ya fi wuya. Babu bankin da ke kare kuɗi ta hanyar sa mai su ya tura wa wani asusu. Yana iya kuma haɗa ki da wani "shugabansa" ko wani da zai ce ɗan sanda ne. Duk ɗaki ɗaya suke.

Matsala ɗaya ita ce, tunda da lambar bankin yake kira, toshe lambar zai toshe bankin na gaske ma, kuma yanzu da kika kai ƙorafi wataƙila su neme ki. Mafita ita ce duk wanda ya kira da sunan banki, ki ce masa "na gode, zan kira ku da kaina", ki kashe, ki buga lambar bayan kati, ki ba su lambar ƙorafinki. Ma'aikacin gaske ba zai ji haushi ba, abin da ake koya musu ke nan. Wanda ya ce kada ki kashe waya, ko ya ce in kin kashe kuɗin za su tafi, ya faɗa miki ko shi wane ne. Ki kuma shirya wa wasu baƙin kira nan da makonni, domin lambar wanda ya taɓa amsawa takan zagaya a tsakaninsu. Wasu za su zo da sunan masu ƙwato kuɗin da aka sace, su nemi kafin alƙalami. Wasu za su ce sun tura miki lamba bisa kuskure ki mayar musu, wannan kuwa lambobi shida na WhatsApp ɗinki suke nema, dabarar ɗaya ce aka sauya mata riga.

Akwai togaciya ɗaya da ya kamata ki sani don kada ki rikice nan gaba. Wasu bankuna, idan ke kika kira su, sukan turo lamba don su tabbatar ke ce, su ce ki karanta ko ki danna. Ana gane wannan da abu biyu tare: ke kika buga kiran zuwa lambar da kika ɗauko daga katinki ko daga cikin manhajar, kuma rubutun saƙon da kansa ya ce lambar ta tabbatar da mai kira ce ga ma'aikaci. Idan saƙon ya ambaci sabuwar waya ko adadin kuɗi ko sauya kalmar sirri, ko da ke kika kira, ki tsaya, wataƙila lambar da kika buga ba ta bankin ba ce. Hakan na faruwa ga masu neman lambar banki a shafin bincike ko a dandalin sada zumunta, inda 'yan damfara ke baza lambobinsu da tambarin banki. PIN da kalmar sirri kuwa babu togaciya a kansu, ko a cikin ofishin banki ba a faɗa wa ma'aikaci, da hannunki kike dannawa.

Idan an buɗe miki manhajar daga baya, ki tambaye su ko suna da tabbatarwa ta cikin manhaja maimakon ta tes, irin wadda ke nuna miki adadin kuɗi da sunan mai karɓa kafin ki amince. Ta fi tes tsaro, don satar layi ba ta kai wa gare ta, amma ita ma idan wani na kunnenki yana cewa "danna amincewa don a soke", kika danna, an koma gidan jiya. Ki rage iyakar abin da za a iya fitarwa a rana zuwa daidai buƙatarki, ki kunna alat ta tes da ta imel duka biyu. Sannan ki sa maigidan naki ya duba nasa asusun, da duk wanda kuke amfani da waya ɗaya ko imel ɗaya da shi, domin jerin da aka samo sunanki a ciki ba mamaki nasa ma yana ciki.